Idan Abokin Zama Bai Biya Kasonsa Na Haya Ba: Saƙon Da Ya Kamata Ka Tura Masa

A Samarun Zariya, da unguwannin da ke kewaye da Jami'ar Bayero a Kano, da irin su Mararraba da Suleja inda masu aiki a Abuja ke kwana, haɗa kuɗi a kama ɗaki ya zama ruwan dare. Ɗalibai, masu bautar ƙasa, da ƙananan ma'aikata ne suka fi yin haka, domin a yawancin biranen Najeriya kuɗin shekara ake biya a dunƙule. Zama yakan yi daɗi wata goma sha ɗaya. A wata na goma sha biyu ne ake gane waye waye, lokacin da mai gida ya aiko a sabunta haya, ɗaya ya kawo kasonsa, ɗayan kuma ya yi gum.

Wanda ya biya yakan rasa yadda zai yi. Kunya ta hana shi tambaya, sai ya koma habaici da ɗaure fuska, har ranar da abin zai fashe a tsakar gida. Saƙo ɗaya da aka rubuta da natsuwa yana iya hana wannan, muddin mai rubutun ya san abin da yake nema. Abin da ake nema kuwa shi ne abokin zama ya faɗi nawa zai kawo, kuma yaushe. Duk kalmar da ba ta kai ga wannan amsa ba, gara a cire ta.

Ka fara sanin matsayinka

Kafin ka taɓa waya, ɗauko takardar yarjejeniyar haya da rasit ɗin bara, ka duba sunan wa ke ciki. Idan sunanka ne kaɗai, to kai mai gida ya sani, kuma kai zai bi kuɗin gaba ɗaya. Rabon da kuka yi a tsakaninku bai shafe shi ba. Idan sunayenku biyu ne a takarda ɗaya, galibi mai gida yana iya neman cikon daga hannun kowannenku, don haka cewa “ni dai na biya nawa” ba ta fitar da kai. Sai idan kowa yana da tasa yarjejeniyar da nasa rasit ne bashin abokinka yake zama tsakaninsa da mai gida kawai.

Wannan ne yake nuna maka yadda lokaci ya ƙure ko bai ƙure ba. A dokokin karɓar gida daga ɗan haya na Abuja da jihohi da dama, ɗan hayar shekara-shekara yana da notis na wata 6, na wata-wata kuma wata 1, sai dai idan yarjejeniya ta faɗi wani abu daban. Amma idan takardar ta ce haya ta shekara ɗaya ce cif, daga rana kaza zuwa rana kaza, to da wa'adin ya cika, notis na kwana 7 na iya isar mai gida ya nufi kotu. Saboda haka ka kira mai gidan ko dillalin da ke kula da gidan, ka ji ranar ƙarshe da zai iya jira. Ranar da ya faɗa ita za ka gina saƙonka a kai.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauka samari biyu ne ke zaune a ciki da falo a Kano, haya naira 600,000 a shekara, kowa 300,000. Hayar za ta ƙare a ƙarshen Janairu, sun kuma yi da juna kowa ya kawo nasa kafin 15 ga wata. Ɗaya ya biya nasa duka. Ɗayan ya turo 100,000, ya ce sauran na nan tafe, daga nan bai sake ta da maganar ba. Yau 22 ga wata, mai gida kuma ya ce zai yi haƙuri zuwa 10 ga Fabrairu. Ga irin saƙon da ya dace:

“Assalamu alaikum, ɗan'uwa, barka da aiki. Kan maganar hayarmu ce. Jimillar kuɗin 600,000 ne, na tura nawa 300,000, kai kuma ka ba da 100,000, saura 200,000 ke nan a ɓangarenka. Na yi magana da Alhaji, ya ce zai jira mu zuwa 10 ga Fabrairu. Za ka iya cikawa kafin 7 ga wata, don mu samu sararin tura masa? Idan duka ba zai samu a lokaci ɗaya ba, faɗa min nawa za ka iya kawowa da albashin wannan watan, da ranar da sauran zai samu, sai mu je wurinsa tare mu roƙi alfarma. Don Allah ka ba ni amsa zuwa jibi da daddare. Na gode.”

An fara da sallama da gaisuwa domin Bahaushe ba ya faɗa wa mutum da maganar kuɗi kai tsaye, amma gaisuwar layi ɗaya ce, don kada a binne maganar a cikinta. Daga nan sai lissafi, wanda aka ambaci har da 100,000 ɗin da abokin ya riga ya bayar. Wannan yana nuna masa ba a manta da ƙoƙarinsa ba, kuma yana rufe ƙofar gardama kan adadi daga baya.

Wa'adin kuma an jingina shi ga mai gida, tunda gaskiyar ke nan. Mutum ya fi saurin karɓar matsi idan ya ga daga waje ya zo muku ku biyu. An sa 7 ga wata maimakon 10 saboda tura kuɗi ta banki yakan maƙale, albashi ma yakan yi jinkiri. Kwana ukun nan su ne za su cece ku.

Sashen da ya fi muhimmanci shi ne na biya kashi-kashi. Yawancin masu yin shiru ba mugunta ke sa su ba, kunyar cewa “ba ni da shi” ce. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Idan ka buɗe masa hanyar da zai faɗi gaskiya ba tare da mutuncinsa ya zube ba, za ka ji ainihin halin da yake ciki tun da sauran lokaci. Daga ƙarshe sai aka ware ranar amsa daban da ranar biya. Ba lallai ne ya samu kuɗi jibi ba, amma babu abin da zai hana shi magana jibi.

Idan abokin zaman ya girme ka, sai ka kira shi Yaya ko Malam, ka ce “ina tuni ne” a maimakon “za ka iya cikawa”. Mata ma haka, Anti ko Yaya. Lafazi ne ke sauyawa, adadi da rana suna nan yadda suke.

Abin da ke ɓata saƙo

Kada ka haɗa haya da tsofaffin ƙorafe-ƙorafe. Da zarar ka sako kuɗin wuta na watan jiya, ko gas da ya ƙare, ko baƙin da yake kwasowa, ka ba shi abin da zai mayar da martani a kai ya bar maganar 200,000. Haka nan kada ka yi masa lissafin aljihu, irin su “amma ka sayi sabuwar waya”. Ko gaskiya ce, faɗa za ta haifar.

Ka tura masa shi kaɗai. Sanya maganar a zauren WhatsApp na 'yan gida, ko yin habaici a status, tonon asiri ne, kuma wanda aka kunyata a gaban jama'a taurin kai yake ƙarawa. Ka kuma rubuta a rubuce, kada ka yi saƙon murya. Murya tana ɗauke da fushi ko ba ka yi niyya ba, lambobi kuma sun fi zama daram a rubuce. Rubutun yana da wani amfanin: sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 ya ba kotu damar karɓar irin waɗannan saƙonni a matsayin hujja idan an cika sharuɗɗansa.

Yadda za ka karanta amsarsa

Amsar da ta zo da adadi da rana, ko da ba su kai yadda kake so ba, amsa ce ta mai niyyar biya. Idan ya ce zai kawo 120,000 ranar 30 ga Janairu, sauran 80,000 a ƙarshen Fabrairu, sai ka maimaita masa hakan a rubuce, ya amsa da “haka ne”, sannan ku tafi wurin mai gida tare. Mai gida ya fi sassauta wa wanda ya zo da wani abu a hannu da rana tsayayya.

Amsa irin ta “kada ka damu, in sha Allahu za a yi” kuwa, ba ta ba ka abin da za ka kai wa mai gida ba. Ka amsa da “Allah Ya yarda, wace rana zan faɗa wa Alhaji?” Idan ya karanta ya yi shiru har jibin ta wuce, ka same shi ido da ido a lokacin da babu kowa, bayan kun gama kuma ka tura masa taƙaitaccen abin da kuka tsayar.

Wani lokaci dole ce za ta sa ka cike kuɗin daga aljihunka don kada a tashe ku. Kafin ka tura, ka sa ya amince a rubuce cewa rance ne, da adadinsa da ranar biya, ka kuma ajiye shaidar banki. Rubuta bashi ba rashin yarda ba ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan haka ta sauka, kamar yadda aya ta 280 ta yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Idan ka biya ba tare da wannan amincewa ba, gobe yana iya cewa taimako ka yi masa.

Duk yadda ranka ya ɓaci, kada ka canza kwaɗo, kada ka fitar masa da kaya, kada kuma ka riƙe kwamfutarsa ko babur ɗinsa a matsayin jingina. Ko mai gida doka ba ta ba shi ikon fitar da ɗan haya da ƙarfi ba sai ta hanyar kotu, balle kai. Mai bin bashi yana iya wayar gari shi ake tuhuma a ofishin 'yan sanda.

Idan magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, ka sanar da shi tukuna cewa za ka sa wani babba a ciki: yayansa, wanda ya haɗa ku, ko mai unguwa. A Kano mutane kan kai irin wannan gaban Hisba don sulhu, akwai kuma kotun ƙananan basussuka. A nan ne kuma ya kamata ka yi masa tambayar da ta rage: shin zai iya ci gaba da zama a wannan farashi? Idan ba zai iya ba, ku tsayar da ranar da zai tashi, ya biya na watannin da ya zauna, wato 25,000 kowane wata a misalinmu, kai kuma ka nemi wani abokin zama da sanin mai gida.