Lambar da Ke Nuna Inda Haɗi Yake da Rauni

A ce an jera tankunan ruwa shida masu girma ɗaya a fili ɗaya, an ba su lamba daga 1 zuwa 6. Tanki na 1 da na 2 da na 3, kowanne an haɗa shi da ɗan'uwansa da bututu, kamar duwatsun murhu. Haka ma na 4 da na 5 da na 6. Tsakanin rukunin farko da na biyu kuwa bututu ɗaya tak aka sa, daga na 3 zuwa na 4. Bututu bakwai ke nan. Idan aka cika tanki na 1 aka bar sauran, kowa ya san a ƙarshe ruwan zai daidaita a dukkansu. Abin tambaya shi ne yaushe, kuma wane bututu ne ke riƙe da ragamar jinkirin.

Masana lissafi suna kiran irin wannan tsari giraf, wato ɗigo-ɗigo da layukan da ke haɗa su. Ɗigon na iya zama gari, layin ya zama titi; ko ɗigon ya zama tashar lantarki, layin ya zama waya. Na zaɓi tankuna ne saboda a cikinsu ido yana iya ganin abin da lissafin ke aunawa.

Ana fara wa ne da jadawalin lambobi, layi shida a kwance da shida a tsaye. A gurbin da tanki ya haɗu da kansa, sai a rubuta yawan bututun da ke jikinsa. A gurbin tankuna biyu masu bututu a tsakaninsu, sai a rubuta −1. Sauran gurabe duk sifili ne.

```
 2 -1 -1  0  0  0
-1  2 -1  0  0  0
-1 -1  3 -1  0  0
 0  0 -1  3 -1 -1
 0  0  0 -1  2 -1
 0  0  0 -1 -1  2
```

Wannan jadawali shi ake kira Laflashiyan, daga sunan masanin Faransa Pierre-Simon Laplace, kuma a littattafai ana taƙaita shi da L = D − A. Aikinsa mai sauƙi ne. Ka ba shi tsayin ruwan kowane tanki, ya faɗa maka yadda kowanne ya ɗara maƙwabtansa ko ya gaza su, a jimlace. Idan muka ɗauka cewa gudun ruwa a bututu yana tafiya daidai da bambancin tsayin da ke ɓangarorinsa biyu, to wannan jimla ita ce saurin da tankin ke raguwa ko ƙaruwa. Ruwan gaske a bututun gaske ba kullum yake bin wannan ƙa'ida sau da ƙafa ba, amma zafi a cikin ƙarfe da lantarki a cikin waya suna bin ta sosai.

A cikin dukkan yanayin da ruwan zai iya kasancewa, akwai wasu na musamman waɗanda ba sa sauya siffa yayin da suke lafawa. Idan wani tanki ya ninka wani wajen nisa da matsakaicin tsayi a farko, haka zai ci gaba da ninka shi har komai ya daidaita. Kowane irin wannan yanayi yana da saurin lafawa nasa na kansa, kuma lambar da ke auna saurin ita ce aigenbalu. Farkon kalmar Jamusanci ne, ma'anarsa abin da yake na mutum shi kaɗai. Tankuna shida suna da irin waɗannan lambobi shida, kuma na namu su ne 0, da 0.44, da 3 har sau uku, da 4.56. Duk wani yanayi na ruwan, komai rikicinsa, gauraye ne na waɗannan shidan.

Mafi ƙanƙanta kullum sifili ce, a kowane giraf. Dalili kuwa a fili yake: idan ruwan ya zama tsayi ɗaya a ko'ina, babu abin da zai motsa. Duba jadawalin ma, kowane layi idan aka tara lambobinsa sifili yake bayarwa. Saboda haka ta farkon ba ta ba da wani labari. Labarin yana wurin ta biyu, wadda ake rubutawa λ₂.

Toshe bututun da ke tsakanin 3 da 4. Yanzu za ka iya cika rukunin farko taf, ka bar na biyu rabi, kuma su zauna haka har abada. An sami yanayi na biyu da ba ya lafawa, wato sifili na biyu. Wannan ka'ida ce tabbatacciya: yawan sifilin da ke cikin jerin daidai yake da yawan gutsattsarin da giraf ya rabu. Don haka λ₂ tana ɗara sifili ne kawai idan daga kowane ɗigo akwai hanyar isa kowane ɗigo.

Da a ce iyakarta ke nan, da ba ta cancanci wahalar ba, domin bin layi da yatsa ma zai nuna maka ko giraf a haɗe yake. Abin da Miroslav Fiedler, masanin lissafi ɗan ƙasar Chekoslobakiya, ya nuna a wata maƙala ta 1973 shi ne cewa girman lambar ma yana magana. Ya raɗa mata suna ma'aunin haɗuwa na aljabara, kuma har yau ana kiran ta lambar Fiedler. Ƙaramar λ₂ tana nufin akwai haɗi amma siriri ne, babba kuwa tana nufin zaren ya saƙu.

Ga yadda 0.44 ta fito. A ba kowane tanki wata lamba, wasu sama da sifili wasu ƙasa, da sharaɗin jimlarsu ta zama sifili. A kowane bututu a ɗauki bambancin lambobin bakinsa biyu, a ninka shi da kansa, a tara duka. Sannan a raba da jimlar lambobin tankunan, kowacce ita ma an ninka ta da kanta. Mafi ƙanƙantar amsar da za a iya samu ita ce λ₂. Gwada ba rukunin farko 1, na biyu −1. Bututu shida na cikin rukunoni ba su da bambanci, na tsakiya kuwa bambancinsa 2 ne, wanda ya zama 4. An raba 4 da 6, an sami kusan 0.67. Ana iya yin ƙasa da haka idan aka sassauta wa tankunan bakin gada: a bar 1 da 2 a kan 1, a ba na 3 lamba 0.56, na 4 ya ɗauki −0.56, 5 da 6 su tsaya a −1. Jimlar sama ta zama kusan 2.03, ta ƙasa kusan 4.63, amsa 0.44. Babu wani rabon da zai sauko ƙasa da wannan.

A mayar da shi agogo. Idan aka auna lokaci ta yadda lambobin nan suke nufin sauri a awa ɗaya, bambancin da ke cikin rukuni ɗaya, mai lamba 3, yana raguwa da rabi cikin kamar minti 14. Bambancin da ke tsakanin rukunonin biyu kuwa sai ya ci minti 95 kafin ya ragu da rabi. Bayan ɗan lokaci duk sauran sun lafa, shi kaɗai ya rage, don haka shi ke yanke ranar gamawa.

Jerin lambobin nan shida da suka ba da 0.44, su ne a ganina suka fi lambar kanta amfani. Dubi alamarsu: uku na farko sama da sifili, uku na ƙarshe ƙasa da shi. Ba wanda ya gaya wa lissafin inda gadar take, amma ya yanka daidai kanta. Fiedler ya yi nazarin wannan a 1975, kuma shi ne tushen dabarar da ake bi a raba babban aikin lissafi tsakanin kwamfutoci da yawa ta yadda saƙon da ke wucewa tsakaninsu zai yi kaɗan. Jianbo Shi da Jitendra Malik sun yi amfani da wani nau'insa a maƙalarsu ta 2000 wajen raba hoto zuwa sassansa.

Jerin yana kuma nuna inda ya kamata a kashe kuɗi. Tanki na 1 da na 2 lambarsu ɗaya, saboda haka bututun da ke tsakaninsu ba ya ɗaukar komai a wannan yanayi. Cire shi gaba ɗaya, λ₂ tana nan a 0.44, ko gezau. Amma ja sabon bututu daga 1 zuwa 6, inda bambanci ya fi girma, sai ta haura zuwa 1, minti 95 su koma 42. Ƙara wani daga 2 zuwa 5, ta zama 2, lokacin ya koma minti 21. Da za a haɗa kowane tanki da kowane, da ta kai 6, wanda shi ne ƙololuwa ga ɗigo shida.

Sai dai akwai inda mai karanta lambar zai iya yaudarar kansa, kuma wannan ya fi damuna fiye da rashin saninta. Ɗauki tanki ɗaya a tsakiya, sauran biyar kowanne an haɗa shi da na tsakiyar kawai. λ₂ a nan 1 ce, daidai da tsarinmu mai gada biyu. Amma tsarin mai gada biyu, duk tankin da aka cire guda ɗaya, sauran suna nan a haɗe. Wannan kuwa da zarar na tsakiya ya tafi, komai ya watse. Abin da Fiedler ya tabbatar shi ne cewa, in ban da giraf ɗin da kowa ke haɗe da kowa, λ₂ ba ta wuce yawan ɗigon da dole a cire kafin haɗin ya tsinke. Wato idan ta ɗara 1, cire ɗigo ɗaya ba zai raba giraf ba. Idan ta tsaya a 1 ko ƙasa, ba ta yi alkawarin komai ba, sai an duba.

Haka kuma ƙaramar lamba ba lallai tana nufin gada ɗaya tsakanin rukuni biyu ba. Tankuna shida a jere kamar carbi da aka kwance suna ba da kusan 0.27, guda ɗari a jere kuma kusan 0.001. A nan tsawon jerin ne ke jawo jinkiri, kuma kowane bututu a cikinsa gada ne. Shi ya sa kwatanta λ₂ ta giraf ƙarami da ta babba kai tsaye ba ta da ma'ana sosai. Hanyar bambancewa ita ce duba jerin Fiedler: idan lambobin sun taru gungu biyu, akwai gada, idan suna gangarowa a hankali daga sama zuwa ƙasa, tsawo ne. Tazarar da ke tsakanin ta biyu da ta uku ma shaida ce. A tankunanmu daga 0.44 aka yi tsalle zuwa 3, alamar cewa rukuni biyu ne da gaske. Idan ta biyu da ta uku sun yi kunnen doki, babu yanka guda ɗaya da lissafin ya fifita, kuma ƙaramin sauyi a bayanai zai iya juya amsar.

Mai aiki da kwamfuta zai gamu da wata matsalar ta daban. Na'urar ba kasafai take rubuta sifili cak ba. Takan fito da abu kamar `2.2e-16`, wani lokaci har da alamar ɗebewa a gabansa. Wannan ɓurɓushin lissafi ne, sifili ne, kuma Laflashiyan ba ya da aigenbalu ƙasa da sifili ko kaɗan. Wanda ya ga irin wannan a gurbi na biyu, giraf ɗinsa a rabe yake.

Akwai kuma hanyar gwada ko lissafin ya yi daidai. Jimlar lambobin shida dole ta zama ninki biyu na yawan bututu, kuma namu sun ba da 14. Sannan wata ka'ida da ake dangantawa da aikin Gustav Kirchhoff na 1847 kan da'irar lantarki ta ce a ninka lambobin da ba sifili ba, a raba da yawan ɗigo, za a sami yawan hanyoyin da za a bar bututu mafi ƙaranci amma kowa ya kasance a haɗe. A nan 0.44 sau 4.56 ya ba da 2, sau 27 ya zama 54, a raba da 6 a sami 9. Ƙirga da hannu: bututu ɗaya cikin uku za a cire a rukunin farko, ɗaya cikin uku a na biyu, gadar kuwa ba a taɓa ta. Uku sau uku, tara.