Babur, Logaridim da Alamar da Ke Juya Baki

A ce mutum ya sayi babur a kan naira miliyan ɗaya, kuma duk shekara darajarsa tana raguwa da kashi 20 cikin ɗari. Shekara nawa za a yi kafin kuɗinsa ya gaza rabin yadda aka saye shi? Dillali zai iya cankar amsa da ka. Ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC kuwa sai ya rubuta ta a takarda, kuma a nan ne da yawa ke tuntuɓe.

Rage kashi 20 daidai yake da ninkawa da 0.8. Bayan shekara n, abin da ya saura na darajar babur shi ne 0.8^n, wato 0.8 an ninka ta da kanta sau n. Ita 0.8 ɗin ita ce tushe. Tambayar ta zama 0.8^n < 0.5.

Tun da n ta maƙale a sama, logaridim ne tsanin da ake sauko da ita. Aka ɗauki log na ɓangarorin biyu, sai a sami n × log 0.8 < log 0.5. Kalkuleta za ta ba da log 0.8 = −0.0969, da log 0.5 = −0.3010. Mai gaggawa sai ya raba kawai, ya rubuta n < 3.1. To, a duba abin da amsar nan ke cewa: wai babur yana ƙasa da rabin kuɗinsa tun yana sabo dal, sai da ya tsufa ya yi tsada. Ko yaron bakanike ba zai yarda ba.

Matsalar tana wurin rabawa. Lambar da aka raba da ita tana ƙasa da sifili, kuma duk lokacin da aka raba ko aka ninka ɓangarorin biyu da irin wannan lamba, dole alama ta juya baki. Biyu ba ta kai biyar ba, amma mai bashin naira biyu ya fi mai bashin biyar sauƙi, wato −2 > −5. Saboda haka amsar gaskiya ita ce n > 3.1. A gwada da hannu: shekarar farko 800,000, ta biyu 640,000, ta uku 512,000, ta huɗu 409,600. A ta uku saura ƙiris, a ta huɗu ne ya faɗa ƙasa da rabi.

Ni a ganina, haddace "a juya alama" ba ya wadatarwa, gara a gane halin tushen kansa. Tushen da ya wuce 1 hawa yake yi: 2, 4, 8, 16. Babbar lambar sama ita ke ba da babbar amsa, don haka 2^x > 8 na nufin x > 3, alama tana nan yadda take. Haka ma kayan da farashinsu ke ƙaruwa da kashi 20 a shekara: 1.2^n > 2 yana ba da n > 3.8, babu juyi, domin log 1.2 yana sama da sifili. Tushen da ke tsakanin 0 da 1 kuwa gangara yake yi: rabi, kwata, ɗaya bisa takwas. Kamar raba ƙosai ne, yawan rabawa ƙanƙantar rabo. Shi ya sa (1/2)^x > 1/8 ke nufin x < 3. Tushen 1 kuwa ba ya hawa ba ya sauka, shi ya sa ba a yin logaridim da shi.

Masu aiki da littafin tebur na lissafi su ƙara lura. A can, log 0.8 yana fitowa ne da 1 mai sanda a kanta, sannan .9031. Ma'anarsa −1 + 0.9031, wato −0.0969 ɗin nan dai. Sandar ƙarama ce, ido na iya tsallake ta, sai mutum ya ɗauka lambar tana sama da sifili.

Logaridim ya gaji halin tushensa. Idan log₂ x > 3, to x > 8. Amma idan tushen rabi ne, kuma log ɗin x ya wuce 3, sai ya zama x < 1/8. Akwai kuma wani tarko a nan: sifili da lambobin da ke ƙasa da shi ba su da logaridim, domin komai yawan raba abu biyu, ba zai taɓa ƙarewa ƙurmus ba. Cikakkiyar amsa ita ce 0 < x < 1/8. A gwada 1/16: sai an raba 1 biyu har sau huɗu kafin a iso gare ta, log ɗinta 4 ke nan, ya wuce 3. A gwada 1/4: sau biyu kacal, bai kai ba.