Tafiyar Shu'uba: Daga Kufa Zuwa Makka Saboda Hadisi Ɗaya

Wata rana a Basara, ɗalibai suna zaune a ƙofar gidan Shu'uba ɗan Hajjaj suna tilawar hadisan da suka haddace, suna jiran malam ya fito. Ɗaya daga cikinsu, Nasaru ɗan Hammad, ya jawo wani hadisi da isnadinsa: daga Isra'ila, daga kakansa Abu Is'haƙ, daga Abdullahi ɗan Aɗa'u, daga sahabi Uƙubatu ɗan Amir, Allah ya yarda da shi. Hadisin yana ba da labarin yadda sahabbai ke karɓa-karɓar kiwon raƙuma, da yadda Uƙubatu ya tarar da Annabi (SAW) yana bayanin gafarar da ke samun wanda ya kyautata alwala ya yi raka'a biyu. Shu'uba yana ciki yana ji. Sai ya fito ya sharara wa ɗalibin mari. Nasaru ya koma gefe yana kuka, har Abdullahi ɗan Idris ya ce wa malamin bai kyauta masa ba. A nan ne Shu'uba ya buɗe baki ya faɗi abin da ya sha a kan wannan hadisin shekaru da dama da suka wuce.

Ba zan wanke marin ba. Zafin rai ne, kuma wanda ke wurin ya faɗa masa gaskiya. Amma idan ka ji tafiyar za ka gane inda zafin ya samo asali.

Shu'uba, wanda ya rasu a Basara a shekara ta 160 bayan Hijira, ya ji hadisin ne daga bakin Abu Is'haƙ Assabi'i, babban malamin Kufa. A zahiri isnadin gwanin sha'awa ne, don mutum ɗaya tal ke tsakanin Abu Is'haƙ da sahabi. Abin da ya tsaya wa Shu'uba a rai shi ne ba a ce Abdullahi ya ji daga bakin Uƙubatu ba, an dai ce “daga” shi. A wurin malaman hadisi, wanda ya ce “na ji wane” ko “wane ya ba ni labari” ya ɗaure kansa cewa sun zauna tare. Wanda ya ce “daga wane” kuwa ya bar ƙofa a buɗe, don yana iya yiwuwa akwai wani a tsakani da ba a ambata ba. Mai ruwaya ya tsallake wanda ya ba shi labari ya jingina ga na sama da irin wannan lafazi, shi ake kira tadlisi. Mai yin sa bai faɗi ƙarya kai tsaye ba, amma ya ɓoye mutumin da ya kamata a bincika. Shu'uba ya ƙi jinin wannan ɗabi'a ƙwarai. An ruwaito cewa a majalisar malaminsa Ƙatada bakinsa yake zuba wa ido, idan ya ce “ya ba mu labari” ya riƙe, idan bai ce ba ya bari.

Saboda haka ya tambayi Abu Is'haƙ ko Abdullahi ya ji daga Uƙubatu. Dattijon ya fusata. Mis'ar ɗan Kidam, wanda ke zaune a wurin, ya ce masa ya ɓata wa malam rai. Shu'uba bai janye ba, ya ce ko dai a inganta masa hadisin ko ya watsar da ruwayar malamin. Sai Mis'ar ya sanar da shi cewa ai Abdullahi yana Makka da ransa.

Tsakanin Kufa da Makka akwai kimanin kilomita 1,400 ta cikin hamada, hanyar da daga baya ta shahara da sunan Zubaida, matar Haruna Rashid, saboda rijiyoyi da tafkunan da ta sa aka gina. A zamanin da Shu'uba ya bi ta, ba a kai ga waɗannan ayyuka ba. Ayarin raƙuma kan kwashe fiye da wata guda kafin ya isa. Shu'uba ya kama hanya, kuma da bakinsa ya ce ba aikin hajji ya fitar da shi ba, hadisin yake nema.

Da ya sami Abdullahi ɗan Aɗa'u, sai ya ce shi ma ba daga Uƙubatu ya ji ba, Sa'ad ɗan Ibrahim ne ya gaya masa. Shakkar Shu'uba ta tabbata tun a zangon farko. Malik ɗan Anas, wanda a lokacin matashi ne, ya shaida masa cewa Sa'ad bai zo hajji bana ba, yana Madina. Shu'uba ya ƙara tafiyar fiye da kilomita 400. Sa'ad, jikan Abdurrahman ɗan Aufu kuma alƙalin Madina, mutum ne amintacce wanda ba a shakkarsa. Amma shi ma ya ce daga garinsu Shu'uba hadisin ya fito, Ziyad ɗan Mikraƙ na Basara ne ya ba shi. Shu'uba ya riƙe baki yana mamakin hadisin da ya fara a Kufa, ya koma Makka, ya koma Madina, ya ɓullo a Basara inda yake kwana yana tashi.

Ya juyo gida bayan watanni a kan hanya, ya nemi Ziyad. Ziyad ya san halin mutumin da ke gabansa, sai ya fara noƙewa, ya ce wannan ba irin hadisin da zai gamsar da shi ba ne. Shu'uba ya matsa. Ziyad ya ce Shaharu ɗan Haushab ne ya ba shi, daga Abu Raihana, daga Uƙubatu. Jin sunan Shaharu, wanda Shu'uba bai yarda da ruwayarsa ba, sai ya ce an rushe masa hadisin, kuma da ya inganta da ya fi masa iyalinsa da dukiyarsa da mutane baki ɗaya.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta fi taɓa ni. Mutumin bai yi tafiyar don ya kunyata malaminsa ba. So yake hadisin ya inganta, kuma duk da haka bai bar sonsa ya rufe masa ido ba. Ga abin da ya gano: inda aka nuna babu kowa tsakanin Abdullahi da Uƙubatu, ashe mutum huɗu ne, wato Sa'ad, Ziyad, Shaharu da Abu Raihana. Duk wanda ya tambaya ya faɗi gaskiya da aka matsa masa. Da ya tsaya a Madina wurin alƙali amintacce, da bai taɓa jin sunan Shaharu ba.

Ya kamata mai karatu ya san iyakar abin da Shu'uba ya rushe. Isnadi ɗaya ya yi wa hukunci, kuma ko a kan Shaharu ma malamai sun saɓa: Ahmad ɗan Hambali da Yahaya ɗan Ma'in sun amince da shi, Nasa'i ya ce ba shi da ƙarfi. Labarin Uƙubatu na kiwon raƙuma da falalar alwala da raka'a biyu kuwa yana nan cikin Sahihu Muslim ta wata hanya ta mutanen Sham, wadda ba ta bi ta kan Shaharu ba, da ɗan bambancin lafazi.

Shi kansa labarin tafiyar, malamai ba su bar shi haka ba. Dogon siffarsa mai ɗauke da mari da kuka, wadda Haɗibul Bagadadi ya kawo a littafinsa kan tafiya neman hadisi, ta bakin Nasaru ɗan Hammad ta zo, shi kuwa masana maruwaita sun raunana shi sosai. Abin da ke riƙe da labarin shi ne gajeriyar ruwayar da ta zo ta bakin wasu ɗaliban Shu'uba amintattu, kamar yadda Ibn Abi Hatim ya kawo, inda aka ambaci yadda ya bi mutanen ɗaya bayan ɗaya har ya kai ga Shaharu ɗan Haushab.