Abin da ya kamata ku sani kafin ku sa hoton kwastoma a tallan sallah

Da azumi ya kama, teloli kan fara neman abin da za su tallata ɗinkinsu da shi. Mafi sauƙi shi ne hoton da wata kwastoma ta turo ran sallar bara, sanye da kayanta, tana godiya. Sai dai ke ta turo wa, ba duniya ba. Kafin hoton ya fita, sai da yardarta.

Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki hoton da za a gane mutum da shi a matsayin bayanansa. A wajen dokar, shiru ba amincewa ba ce, kuma wanda ya yarda yau yana da ikon janyewa gobe.

Saboda haka ki yi tambaya a fayyace: "Hajiya, ina neman izinin sa wannan hoton da saƙonki a shafina na Instagram, daga farkon azumi zuwa sallah. In bar fuska ko in rufe? In sa sunanki ko a'a?" Ambaton wurin yana da dalili, domin abin da aka sa a Status na WhatsApp yana gushewa bayan awa 24, na shafi kuwa yana nan har sai an cire shi. Ki adana amsarta, rubutu ce ko murya. Idan ta ce sai ta shawarci maigida, ki jira. Idan akwai ƙawarta a hoton, ita ma sai an tambaye ta, ko a yanke ta. Yaron da bai kai shekara 18 ba, iyayensa ake tambaya. In hoton hirarku za ki ɗora, ki fara rufe lambar wayarta.

Sai batun abin da ke sa a gaskata shaida. "Ɗinkinki ba na biyunsa" yabo ne da kowa zai iya ƙirƙira. Mai neman tela a azumi fargabarta ɗaya ce, kada a saɓa mata alkawari. Don haka ki tambayi kwastomar yaushe ta kawo kaya, yaushe ta karɓa, me aka gyara. Amsar tana iya zama haka: "Na kai leshi yadi biyar ran 10 ga azumi, na karɓa ran 25. Hannun ya ɗan matse, aka gyara washegari." Kada ki share zancen hannun, shi ne ke nuna mutum ne ya faɗa.

Kada ki ƙara mata kalma, kada ki canza launin kayan a hoto, kuma ki rubuta cewa na sallar bara ne. Idan bana aiki ya fi yawa, ki faɗi ranar da za ki daina karɓar kaya, don kada kwana 15 na bara ya zama alkawarin da ba za ki iya cikawa ba.

Ranar da ta ce a cire, ki cire ba tare da neman dalili ba. Amana ta ba ki, kuma ƙawayenta suna kallon yadda za ki riƙe ta.