Littafin Atisaye: Abin da Kilomita da Minti Ba Sa Gaya wa Mai Gudu

Duk wanda ya saba fita da sassafe a Kano, Kaduna ko Jos ya san su: samari da magidanta, har da mata jefi-jefi, suna gudu a gefen titi bayan sallar asuba. Da yawansu na riƙe da waya ko agogon da ke ƙirga musu tafiya. Idan ka tambayi ɗayansu yadda atisayen yau ya kasance, amsar ba ta wuce "kilomita bakwai cikin minti arba'in." Wannan amsa gaskiya ce, amma rabin labari ce. Ta faɗi aikin da aka yi, ba ta faɗi abin da aikin ya ci wa jiki ba. Kilomita bakwai cikin sanyin Disamba bayan cikakken barci daban ne da kilomita bakwai cikin zafin Afrilu bayan an kwana ana fifita. Littafin atisaye shi ne wurin da ake ajiye ɗaya rabin.

Ba sai an sayi wani abu mai tsada ba. Eliud Kipchoge na ƙasar Kenya, wanda ya yi gudun famfalaƙi na kilomita 42 cikin ƙasa da awa biyu a birnin Vienna a shekarar 2019, an san shi da rubuta atisayensa da hannu cikin littattafai, shekara da shekaru. Littafin ɗan makaranta da biro sun isa. Abin da ake bukata shi ne sanin abin da za a rubuta, da yadda za a karanta shi daga baya.

Wahalar da aka sha

Abu na farko da ya kamata ya biyo bayan nisa da lokaci shi ne yawan wahalar da mutum ya ji. Masana motsa jiki suna amfani da ma'auni daga 0 zuwa 10, wanda ya samo asali daga aikin wani masani ɗan ƙasar Sweden mai suna Gunnar Borg. Sifili na nufin mutum yana zaune yana hutawa. Uku gudu ne na sassarfa, wanda za ka iya yi kana hira da abokinka. Bakwai shi ne inda numfashi ya yi sama, magana ba ta wuce kalma biyu ko uku. Goma kuwa iyakar ƙarfi ce, babu sauran abin da ya rage.

Wani masani ɗan Amurka, Carl Foster, ya fito da hanya mai sauƙi ta amfani da wannan ma'auni. Ka jira kamar rabin awa bayan ka gama, domin gajiyar mintin ƙarshe kada ta ruɗe ka, sannan ka ba dukan atisayen lamba ɗaya. Sai ka ninka lambar sau yawan mintin da ka yi. Minti 40 a kan wahala 3 ya ba da 120. Minti 40 ɗin nan a kan wahala 6 ya ba da 240. A agogo gudu iri ɗaya ne, amma jiki ya ɗauki nauyi ninki biyu. Wannan lamba ita za mu kira nauyin atisaye, kuma amfaninta shi ne tana karɓar kowane irin aiki: gudu, ƙwallo, keke, har da noma.

Abin da jiki ya faɗa da safe

Abu na biyu kafin a fita ake rubuta shi. Da ka farka, tun ba ka sauka daga gado ba, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya cif. Lambar kwana ɗaya ba ta da wata ma'ana, kuma kwatanta taka da ta wani ɓata lokaci ne. Bayan mako biyu ne za ka san taka ta yau da kullum. Idan ta haura da bugu biyar zuwa goma ta kuma zauna a can kwana biyu ko uku, jiki yana sanar da kai cewa bai gama farfaɗowa ba, ko ruwa ya yi masa ƙaranci, ko wata rashin lafiya tana tafe. A gefen lambar ka rubuta awa nawa ka yi barci. Hausawa sun ce jiki magayi, amma sai an saurare shi kullum a lokaci ɗaya ake gane ranar da muryarsa ta sauya.

Ciwo, ƙasa da yanayi

Abu na uku shi ne ciwo, kuma nan ne aka fi yin sakaci. Rubuta "ƙafa na ciwo" ba ya amfanar kowa. Rubuta wurin: ƙwaurin hagu ta ciki, ko ƙasan diddigen dama, ko wajen gwiwa. Rubuta lokacin da ya zo, ko da farkon gudu ne ya wuce da jiki ya ɗumama, ko ƙaruwa ya yi ta yi, ko sai da gari ya waye. Ka ba shi lamba daga 0 zuwa 10. Sannan ka ƙara kalma ɗaya a kan ƙasar da ka taka, kwalta ce, turɓaya ko rairayi, da kuma takalmin da ka sa. Takalmin gudu yakan rasa taushinsa bayan kimanin kilomita 500 zuwa 800, ko da samansa bai yage ba, kuma littafi ne kaɗai zai tuna maka ranar da ka fara sa shi.

Sai yanayi. A ƙasarmu ba a raba gudu da bazara, damina, hunturu da azumi. Cikin zafi, jini mai yawa yana komawa fata domin sanyaya jiki, ruwa yana fita ta gumi, sai zuciya ta ƙara bugawa kafin ta riƙe saurin da aka saba. Saboda haka ka rubuta ƙarfe nawa ka fita, ko akwai zafi ko ƙura, ko kana azumi. Sau ɗaya a wata, idan akwai sikeli, ka auna kanka kafin dogon gudu da bayansa. Kowane kilo ɗaya da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta ruwa. Idan abin da ya ragu ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 70, ruwan da kake sha bai isa ba.

Yadda lissafin yake a aikace

Mu ɗauki misalin wani matashi da ke gudu sau huɗu a mako, kilomita 32 jimilla. A tsakiyar watan Maris, shafinsa ya nuna haka. Litinin, minti 40 a kan wahala 3, nauyi 120. Laraba, gudun sauri a kwalta, minti 30 a kan wahala 7, nauyi 210. Juma'a kamar Litinin, 120. Lahadi dogon zango, minti 70 a kan wahala 4, nauyi 280. Jimillar mako 730. Bugun zuciyarsa da safe 56, barci awa bakwai, babu ciwo.

Bayan mako huɗu ya fara jin ƙafafunsa sun yi nauyi, ƙwaurin hagu yana masa zafi. Wayarsa kuwa tana nuna kilomita 32 ɗin nan, cikin kusan lokacin da ya saba, don haka a wurinta babu abin da ya sauya. Da ya buɗe littafi sai ya ga wani labarin dabam. Gudun Litinin ya koma wahala 5, na Laraba 8, na Juma'a 6, na Lahadi 6. Jimillar ta tashi zuwa 1,100. Bugun safe ya kai 64, barci ya sauko awa biyar saboda zafin dare da rashin wuta. Ga kuma wani abu da ya rubuta a gefen shafi bai ɗauke shi a bakin komai ba: makonni uku ke nan yana buga ƙwallon unguwa kowace Talata da yamma, awa ɗaya a kan wahala 7. Wannan ƙarin 420 ne. Nauyin makonsa na gaskiya ya zama 1,520, ya ninka na baya har da ɗoriya, alhali bai ƙara ko kilomita ɗaya ba.

Da ya bi layin ciwo sai ya ga ƙwaurin ya fi zafi ranar Alhamis da safe, makonni uku a jere. Alhamis ranar hutunsa ce, don haka laifin ba nata ba ne. Yana bayanta: ƙwallo ranar Talata da yamma, sannan gudun sauri a kwalta ranar Laraba da asuba, ko awa goma sha biyu babu tsakaninsu. Maganin bai bukaci ya daina gudu ba. Ya mayar da Laraba ranar hutu, ya kai gudun sauri Juma'a, ya koma filin makaranta mai turɓaya, ya rage dogon zangon Lahadi zuwa minti 50 har zafi ya sauka.

Ƙa'idojin karatu

Wannan misali ya nuna yadda ake karanta littafin. Ba kullum ake yanke hukunci ba. A ware rana ɗaya a mako, a haɗa jimilla, a kwatanta ta da ta makonni uku ko huɗu da suka wuce. Idan an ga matsala, a duba kwana biyu ko uku kafin ta, domin gajiya da ciwo sukan makara kafin su bayyana. Abin da ya faru sau ɗaya kada a gina komai a kansa. Sai ya maimaitu sau uku ake fara zarginsa. Idan kuma za a gwada gyara alhali ba a tabbatar da sababin ba, a sauya abu ɗaya kawai a jira mako biyu. Wanda ya sauya takalmi da hanya da abinci a rana ɗaya ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi aiki ba.

Kuskure biyu ne suka fi kashe littafin. Na farko shi ne yawan layuka: mutum ya zana gida ashirin, ya gaji da cikewa kafin wata ya ƙare. Rubutun rana kada ya wuce minti biyu. Na biyu shi ne yi wa kai ƙarya, a rubuta wahala 4 alhali an sha ta 7, ko a tsallake ranar da gudu bai yi daɗi ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranakun da ba su yi daɗi ba su ne suka fi ɗauke da darasi.

Littafin kuma yana da iyaka: ba likita ba ne. Idan bugun safe ya hau tare da zazzaɓi, ciwon kai ko sanyin jiki, a ajiye takalmi a je a yi gwajin maleriya. Idan ciwon ƙwauri ya tattaru a wuri ɗaya a kan ƙashi, wanda za ka iya nunawa da ɗan yatsa, kuma yana nan ko kana tafiya a hankali, yana iya zama tsagewar ƙashi ce, asibiti ya dace. Ciwon ƙirji, jiri ko suma a lokacin gudu ba abin jira ba ne ko na kwana ɗaya. Sai dai ko a nan littafin yana da rana, domin zai gaya wa likita ainihin ranar da abin ya fara da abin da ya gabace shi.

Mai karatu, idan kana gudu, gobe da asuba kafin ka tashi ka ƙirga bugun zuciyarka ka rubuta. In ka dawo ka ƙara wahala, ciwo, ƙasa da yanayi a gefen kilomita da minti. Ka jure mako shida ba tare da tsallake rana ba, sannan ka zauna ka karanta daga shafin farko.