Kafin Lodin Fitilun Sola Ya Baro China

Kamfanin Kano da ke shirin shigo da fitilun sola daga China yana bukatar ya auna abubuwa shida kafin ya biya ko sisi. Masana kasuwanci na kiran wannan awo PESTEL: siyasa, tattalin arziki, zamantakewa, fasaha, muhalli da doka. Kowanne a ba shi maki biyu, daga 1 zuwa 5, na yiwuwar aukuwarsa da na girman barnarsa, sannan a ninka su.

Canjin kudi ne ke cinye maki 25. A watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dalar da ke kusan naira 460 ta haura 1,400 a farkon 2024. Mai lodin dala 20,000 da ya yi lissafin naira miliyan 9.2 sai ya wayi gari yana neman miliyan 28, ga kudin fito na kwastan da ke bin farashin dala. Wannan kadai ya isa karya dan kasuwa.

Doka ce ke biye, da maki 15. Ba kullum ake tuntube a nan ba, amma idan babu Form M da takardar SONCAP, kaya sai su makale a tashar Apapa, kudin ajiya na hauhawa kowace rana. Siyasa ma haka, domin an ga yadda rufe iyakokin tudu a 2019 ya tsayar da masu bi ta Kwatano.

Sauran ukun ba su kai nan ba. Karancin wutar lantarki ya sa jama'a na son fitilun, zafin Arewa kuwa yana rage kwanan batir, don haka a gwada samfur a watan Afrilu kafin a yi babbar oda.