Saƙo ya isa, amsa ta ɓace a hanya

Duk mai tura kuɗi ta waya ya san wannan zullumin. Ka danna, 'yar da'irar nan ta yi ta juyawa, can sai manhaja ta ce abin bai yiwu ba. Ka sake dannawa. Bayan minti goma sai ga alat biyu, naira 5,000 ta fita sau biyu. Nan da nan sai a ɗora wa sabis laifi. Sabis yana da nasa, amma a ganina kaso mafi tsoka na wanda ya saki manhajar ne ba tare da ya gwada ta a irin yanayin da za ta yi aiki ba.

Kowace dannawa tafiya ce da dawowa. Waya takan aika saƙo zuwa babbar kwamfutar kamfanin, ita kuma ta yi aikin ta maido da amsa. Idan babu sabis gaba ɗaya, da sauƙi: saƙon bai fita ba, kuɗi na nan. Tsiyar tana wurin sabis mai zuwa yana ɗaukewa, irin wanda ake fama da shi a cikin cunkoson kasuwa ko a mota tsakanin gari da gari. Saƙon ya isa, an cire kuɗi, amsar ce ta maƙale. Wayar ba ta da yadda za ta bambance wannan da saƙon da bai isa ba, domin duka biyun shiru take ji.

Shi ya sa mai gwajin da ya san aikinsa ba ya tsayawa a kashe data ya kunna. Yakan fara da rage gudun intanet da gangan. Masu haɗa manhajar Android suna da wayar kwaikwayo a cikin kwamfuta, ana kuma iya tayar da ita da gudun 2G, wato lokacin da harafin E yake fitowa a saman waya:

```
emulator -avd gwaji -netspeed edge -netdelay gprs
```

Wannan yana tona asirin hotuna masu nauyi da shafukan da suke tsayawa fari fat. Sai dai jinkirinsa mai ladabi ne, ba ya yanke magana a tsakiya. Don haka sai a shirya tarko. A sa kwamfutar gwaji ta karɓi umarnin tura kuɗi nan take, amma ta riƙe amsa na daƙiƙa 20. A cikin wannan tazarar mai gwaji ya katse intanet, ya maido, ya sake danna maɓallin kamar yadda kowa zai yi. Sannan ya buɗe rajistar kwamfutar ya ƙirga. Idan ya ga ciniki biyu, manhajar ta faɗi, komai kyan fuskarta.

Maganin sananne ne. Kafin waya ta aika umarni, takan laƙa masa wata lamba tasa shi kaɗai, kamar lambar rasit. In an sake turawa, da lambar nan za a tura. Kwamfutar kamfanin ta ga ta riga ta biya wannan rasit, sai ta maido da tsohuwar amsa kawai. Ita ma manhajar ta daina cewa "bai yiwu ba" alhali ba ta sani ba. Ta ce ana dubawa.

To amma a ina wayar ta ajiye lambar? Nan ƙaramar waya take shigowa. Waya mai RAM na gigabait 1 ko 2, irin waɗanda Google ya fito da Android Go dominsu a 2017, ba ta iya riƙe manhajoji da yawa lokaci guda. Ka fita ka duba lambar sirri da aka turo ta tes, kafin ka dawo ta kashe manhajar don ta samu wuri. In lambar rasit ɗin a ƙwaƙwalwar wucin gadi take, ta tafi ke nan, manhajar za ta ƙirƙiri sabuwa, an koma gidan jiya. Ana kwaikwayon wannan ta hanyar fita daga manhajar, a kashe ta da `adb shell am kill` da sunanta, sannan a koma a ga abin da ta tuna.

Duk da haka ban yarda da gwajin da ya ƙare a kwamfuta ba. A shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano a sayo 'yar itel ko Tecno ta hannu, a cika ta da bidiyon WhatsApp har ta fara kukan babu wuri, a sa mata layi biyu. Sannan a danna tura kuɗi, wani ya kira ɗaya layin a daidai lokacin, domin a wayoyi da yawa kira kan tsayar da data har sai an ajiye.